Watan da aka “gani” kafin a haife shi

Ranar Litinin 8 ga Afrilu 2024 ita ce 29 ga Ramadan a Najeriya. A ranar aka yi kusufin rana a Meziko da Amurka da Kanada. Rana ba ta kusufi sai wata ya ratsa tsakaninta da duniya, kuma wannan daidaituwar ita masana taurari ke kira haihuwar wata. Ta auku wajen ƙarfe 7:20 na dare agogonmu, alhali rana ta faɗi a Sakkwato tun kafin bakwai. Ke nan da magariba babu jinjirin da za a gani. Sarkin Musulmi ya ce a cika talatin, aka yi sallah ranar Laraba, amma wasu sun yi idi tun Talata bisa labarin an gani.

Mu marubuta mukan cakuɗa abu biyu, haihuwa da ganuwa. Lissafi ya san lokacin haihuwa har minti. Ganuwa kuwa ta dogara ga nisan wata da rana, da daɗewarsa bayan faɗuwarta, da hazo. Ido ba ya kama jinjirin da bai kai kimanin awa 15 ba.

Saɓanin malamai ya faro ne daga hadisin da ya rataya azumi da sallah ga ganin wata, in gajimare ya rufe a cika talatin. Jumhuru, har da Malikiyyarmu, sun tsaya a nan. Alƙarafi ya bayyana dalili: a sallar azahar gushewar rana ce sababi, kowace hanya ka bi ka san ta gushe ya wadatar, amma a azumi ganin ne kansa sababin, ba kasancewar wata a sama ba. Shi kuwa Ahmad Shakir, a 1939, ya ce an umarci mutane da gani ne don a lokacin ba su rubutu ba su lissafi, kuma idan dalili ya kau hukunci ya bi shi.

Mu dai mun fi natsuwa da matsayin Assubki, malamin Shafi'iyya. Ya ce idan lissafi ya tabbatar gani ba zai yiwu ba, alƙali ya mayar da shaidar, domin shaida zato ce, lissafin kuwa yaƙini. Wannan bai ture hadisi ba, ido ne dai zai tsayar da watan. Ba kuma ƙaryata mai shaida ba ne. Mutumin kirki ma kan ga Zahra ko siririn gajimare ya rantse wata ne. Masu sukar ra'ayin suna da hujja: da wuya a ce wa adilai biyu da suka rantse ba su gani ba. To amma alƙalin da aka kawo wa shaidar an ga mutum a kasuwa ranar da yake kwance a kabari, ai ba zai tsaya binciken adalcin shaidun ba.