Maƙalar da aka janye da waɗanda suka dogara da ita: kuɗin goro ba hukunci ba ne

Ranar 22 ga Mayu, 2020, mujallar likitanci ta The Lancet ta buga wata maƙala da ta girgiza duniya. Marubutanta sun ce sun nazarci bayanan majinyata 96,032 daga asibitoci 671, sun gano cewa maganin haidiroksikulorokwin yana ƙara yawan mutuwar masu cutar korona. Kwana uku bayan haka, Hukumar Lafiya ta Duniya ta dakatar da ba da maganin a babban gwajin da take gudanarwa. Ranar 4 ga Yuni aka janye maƙalar, tare da 'yar'uwarta da ta fito a New England Journal of Medicine, wadda ita ma ta samo bayananta daga kamfanin Surgisphere.

Tun daga lokacin masana suka rabu gida biyu, kuma kowane gida ya kauce hanya. Wasu sun ci gaba da kafa hujja da maƙalun kamar ba abin da ya faru. A 2021 mujallar Science ta duba maƙalu 200 da suka ambaci waɗannan ayyuka biyu bayan janye su, ta tarar fiye da rabi ba su nuna an janye su ba. Wasu kuma sun yi kuɗin goro: duk rubutun da ya ambaci Surgisphere, a wurinsu, ya ƙazantu. Na farko sakaci ne, na biyu kuwa lalaci ne da aka yi wa rawanin tsantseni. Dukansu sun guje wa aiki ɗaya, wato karanta sanarwar janyewar da bin sawun ɓarnar.

Hatimin RETRACTED da ake bugawa a kan shafi bai faɗi abin da ya lalace ba; sanarwar ce take faɗa. A ta The Lancet, uku daga cikin marubuta huɗu ne suka nemi a janye, ban da Sapan Desai, mai kamfanin. Dalilinsu shi ne kamfanin ya ƙi miƙa cikakkun bayanan ga masu bincike masu zaman kansu, don haka ba za su iya tsaya wa ingancin tushen ba. Sanarwar ba ta ce an yi ƙage ba, ba ta kuma ce maganin yana aiki ba. Amma ta faɗi abin da ya wadatar: tushen kowane alƙalami a maƙalar ya rushe. Alamu ma sun riga sun bayyana, domin maƙalar ta lissafa mutuwar mutum 73 a Ostareliya alhali ƙididdigar hukuma ta ƙasar gaba ɗaya ba ta wuce 67 ba a lokacin. Idan matsalar a tushe take, ba a tsintar komai daga cikin baraguzan.

Ba kowace janyewa ce haka ba. A 2018 an janye rahoton gwajin PREDIMED na ƙasar Sifaniya kan cimar mutanen Bahar Rum, saboda an gano kurakurai wajen rarraba mutum 1,588 daga cikin 7,447 zuwa rukunoni. An saka wasu iyalai rukuni ɗaya maimakon a yi wa kowa ƙuri'a. Aka sake lissafi, aka sake bugawa, sakamakon ya fito kusan yadda yake, sai dai an sassauta ƙarfin da'awar. Kalma ɗaya ce a goshin maƙalun biyu, amma wanda ya ɗauke su daidai bai karanta ko ɗaya ba.

Bayan an san abin da ya lalace, sai tambaya ta biyu: me mai ambaton ya aro? A nan ne hukuncin yake, kuma ba a yanke shi daga jerin madogara a ƙarshen maƙala. Dole a koma cikin rubutun, a nemo jimlar da ambaton yake rataye da ita, sannan a goge ta a zuci a ga ko ginin zai tsaya.

Akwai maƙalar da ta ambaci Surgisphere a gabatarwa kawai, cikin jerin ayyuka biyar ko shida, don nuna cewa ana muhawara kan maganin, sannan ta tattara bayanan majinyatanta da kanta. In an goge jimlar, ba abin da ya motsa. Wannan gyara take buƙata, ba janyewa ba, ko da yake in ta fito bayan Yunin 2020 ta nuna marubutan ba su duba madogararsu ba, kuma wannan dalili ne na ƙara sa ido.

Akwai kuma wadda ta aro da'awa. Maƙalar New England Journal of Medicine ta ce wasu magungunan hawan jini ba sa ƙara haɗarin mutuwa ga masu korona. Janye ta bai mayar da wannan magana ƙarya ba; ya dai cire shaida guda. A rana ɗaya mujallar ta buga wasu nazarce-nazarce biyu, ɗaya daga New York, ɗaya daga Lombardiya ta Italiya, waɗanda ba ruwansu da Surgisphere, kuma ba su ga cutarwa ba. Rubutun da ya jingina da dukan ukun yana da sauran ƙafafu biyu. Wanda ya jingina da Surgisphere kaɗai ba shi da hujja, ko da abin da ya faɗa ya zamo gaskiya. Likitan da ya hana majinyaci maganin hawan jininsa don kawai ya ji an janye maƙala, ya mayar da rashin shaida ɗaya ya zama shaidar akasi, kuma majinyacin ne zai biya.

Mafi haɗari ita ce wadda ta aro alƙaluma, musamman nazarin da ke haɗa sakamakon gwaje-gwaje da yawa ya fitar da adadi ɗaya. A irinsa kowane gwaji yana da nauyi, kuma wake ɗaya yana iya ɓata gari. An gani a kan maganin ibamektin. A Yulin 2021 Andrew Hill da abokan aikinsa sun ba da rahoton cewa maganin ya rage mutuwa da kashi 56 cikin ɗari. A cikin watan aka janye rahoton Ahmed Elgazzar na Masar, ɗaya daga cikin manyan gwaje-gwajen da suka haɗa, bayan an gano bayanan majinyata da aka maimaita. Da suka cire shi da sauran gwaje-gwajen da ake shakka a kansu, amfanin ya narke har ba a iya bambanta shi da dace. Suka janye nasu nazarin. Wannan shi ne aikin da ya wajaba: a duba nauyin gwajin da aka janye a jadawali, a cire shi, a sake lissafi. In marubutan ba su yi ba, adadinsu ba abin dogaro ba ne har sai an yi.

Masu kuɗin goro za su ce ba kowa ke da lokacin wannan ba. Gano janyewar dai ba ta da wuya: PubMed yana nuna ta, rumbun Retraction Watch a buɗe yake kyauta tun da Crossref ta karɓe shi a 2023, manhajar Zotero kuma tana yi wa irin waɗannan maƙalu jan tambari. Amma babu ɗaya a cikinsu da zai faɗi ko ambaton ado ne ko ginshiƙi, kuma ba sa nuna maƙalar da ta gaji ɓarnar ta hannu na biyu, kamar jagorar magani da ta dogara da nazarin Hill ba tare da ta ambaci Elgazzar ba. Wannan sai mai karatu ya bi da ƙafa. Malamin da ke duba kundin ɗalibi, ko ɗan kwamitin da ke rubuta ƙa'idar magani, in bai da lokacin buɗe sanarwa ya nemo jimla ɗaya, to bai da hurumin wanke maƙalar, bai kuma da hurumin yanke mata hukunci.