Galan ba ɗaya ba ne: a tambayi lita kafin a tura kuɗi

Matashin da ke noman rani a Bakura ya ga tallan famfon ruwa mai amfani da sola a wayarsa, an rubuta 500 GPH, wato galan 500 a awa guda. Ya buɗe manhajar sauya awo, ta ba shi lita 1,893. Abokinsa a Talata Mafara ya duba a tasa wayar, ya samu lita 2,273. Babu wayar da ta yi kuskure. Galan ne iri biyu, kowace manhaja ta ɗauki nata.

Asalin abin daga Ingila ne. A da can suna da galan daban na giyar inabi, daban na giyar hatsi, daban na awon hatsi. A zamanin Sarauniya Anne, a 1707, doka ta tsayar da na giyar inabi a kan awon da ya yi daidai da cikin akwati mai tsawon inci 11, faɗin inci 7, zurfin inci 3. Shi Amurka ta gada, ta kuma riƙe shi bayan ta samu 'yanci a 1776. A 1824 sai Birtaniya ta soke tsofaffin galan ɗinta, ta kafa guda ɗaya: wurin da ruwa mai nauyin laba 10 zai cika, wato kimanin kilo huɗu da rabi. Amurka ba ta bi ba, domin kowa ya riga ya kama gabansa.

Shi ya sa yau galan ɗin Amurka lita 3.785 ne, na Birtaniya kuma lita 4.546. Na Birtaniya ya fi da kusan kashi 20 cikin ɗari, har galan biyar nasa ya kai shida na Amurka. Don samun lita, a ninka yawan galan da 3.785 in na Amurka ne, ko da 4.546 in na Birtaniya ne. Mai amfani da Excel ko Google Sheets a waya zai iya rubuta:

```
=CONVERT(500,"gal","l")
=CONVERT(500,"uk_gal","l")
```

A lura, "gal" tsurarsa na Amurka yake nufi. Wanda bai sani ba zai ɗauka galan ɗin duniya ne.

A koma kan famfon. Tsakanin lissafin biyu akwai lita 380 a kowace awa. In famfon zai yi awa shida a rana, gibin ya kai lita 2,280, sama da jarka 90 mai lita 25. Manomin da ya tsara fangalin albasarsa da lissafin Birtaniya alhali famfon na Amurka ne, kullum ruwa zai yanke masa kafin ya kai ƙarshen gona. A yankin da madatsar ruwa ta Bakolori ke shayarwa, daga Maradun zuwa Mafara da Bakura, wannan ba wasan lissafi ba ne, asarar amfanin gona ce da kuɗin da aka tara da ƙyar.

Ga kuma galan na uku, namu na gida. Wanda 'yan bumburutu ke zuba fetur a ciki a bakin titi yawanci robar lita huɗu ce, wata ma lita biyar. Ba na Amurka ba ne, ba na Birtaniya ba, sunan mazubi ne kawai. To kalma ɗaya mai ma'ana uku ta yaya za a ƙulla ciniki da ita?

Gane wanne ake nufi ba wuya. A duba jikin kaya ko takardarsa, ko akwai "US gal", ko "Imp gal" ko "UK gal". In an rubuta lita a gefe, a raba ta da yawan galan ɗin: kusan 3.8 na Amurka ne, kusan 4.5 na Birtaniya. In kuma famfon ya riga ya iso, a kawo jarka mai lita 25 da agogon waya. Galan 500 na Amurka zai cika ta cikin kusan daƙiƙa 48, na Birtaniya cikin 40. Sai dai a yi gwajin famfo na kusa da saman ruwa, domin yawancin masu ƙerawa mafi girman gudunsa suke rubutawa, kuma ruwan yana raguwa gwargwadon zurfin rijiya da tsawon tiyo.

Wani zai ce galan ya zauna a bakin mutane, ba za a raba su da shi ba. Gaskiya ne, kuma a sayen fetur ido na ganin robar, babu ruɗu. Amma a sayayya ta waya ba a ganin mazubi, lamba kawai ake gani. Don haka masu tallan famfo da tanki a WhatsApp da Facebook su riƙa rubuta lita, masu haɗa manhaja su daina sa "gallon" ba tare da faɗin na wace ƙasa ba. Mai saye kuwa, kafin ya tura ko kwabo, ya aika da tambaya ɗaya: lita nawa ne a awa?