Mushtari Ya Hau Ɗali'inki, Sai Me?

Yau na ajiye labarin da muke ciki, domin akwai wata yayi da ta fara shigo mana littattafai har ta dame ni. Wasu marubuta sun koyi kwaso maganar masu duban taurari na Turai da Indiya, jaruma na cikin ukuba sai a ce mata ta ƙara haƙuri, Mushtari ya kusa hawa ɗali'inta, shekarar buɗi ta zo. Babi biyu a gaba sai ga Alhaji da mota. Yarinyar da ke karantawa kuwa ta ɗauka ilimi ne, gobe ita ce za ta ci bashi ta sari atamfa saboda an ce lokacinta ya yi.

Bari in faɗi abin da suke nufi, kada a ce ban san zancen ba. Ɗali'i shi ne gurbin da ke ɓullowa daga gabas cikin burujai goma sha biyu a daidai mintin da aka haifi mutum, a garin da aka haife shi. Kowane buruji digiri 30 ne. Shi kuma Mushtari yana zagaye rana cikin shekara 12 ba kaɗan, wato yakan yi kusan shekara guda a kowane buruji. Ranar da ya iso kan digirin ɗali'inka, su a wurinsu ranar ce ƙofa ta buɗe: aiki, aure, tafiya, ɗaukaka.

To mu ɗauki misali da lissafinsu na Turai. A ce ɗali'in wata yana digiri 16 na burujin Jauza. Mushtari ya taka wannan digiri a watan Agusta 2024. Ranar 9 ga Oktoba ya tsaya a digiri 21, ya fara abin da daga ƙasa ake gani kamar ja da baya, alhali duniyarmu ce ke wuce shi a hanya. Ya sake bi ta kan digiri 16 a farkon Disamba, ya miƙe gaba ranar 4 ga Fabrairu 2025 daga digiri 11, sannan ya taka wurin karo na uku a farkon Afrilu. Sai su ce na farko albishir ne, na biyu jinkiri, na uku cika. Wata takwas ke nan cur. Don Allah wace mace ce za ta yi wata takwas ba ta ga wani abin alheri ba, ko da ɗinkin sallah ne? Ba su tsaya nan ba, sai sun ƙara da kusan shekarar da zai yi a abin da suke kira gida na farko.

Amma inda gizo ke saƙar shi ne lokacin haihuwa. Ɗali'i yana gusawa kusan digiri ɗaya duk minti huɗu, shi kuwa Mushtari sai ya ci wajen kwana 12 kafin ya yi digiri ɗaya, in an raba tafiyarsa daidai. Mu da aka haifa a ɗaki, ungozoma ta yanke cibiya, wa ya duba agogo? Ka tambayi Inna ta ce maka bayan la'asar ne, kaza tana shirin shiga akurki. In an yi kuskuren awa ɗaya gaba, ɗali'in baiwar Allahn nan ya tashi daga Jauza ya faɗa farkon Saraɗan, kuma Mushtari bai je can ba sai Yunin 2025, sau ɗaya tak. In awa ɗaya baya ne, to tun ƙarshen Mayun 2024 ya wuce ta tana barci. Mace ɗaya, amsa uku, tsakanin ta farko da ta ƙarshe fiye da shekara. Suna da dabarar gyara wannan: su tambaye ka ranar aurenka da ranar da ka sami aiki, su murɗa lokacin haihuwar har ya dace da su, sannan su juyo su nuna maka cewa taurari sun yi daidai. Wannan ai an ga amsa ne kafin a shiga jarrabawa.

In kuma shekarar ta wuce ba buɗi sai bashi, nan ma ba a kayar da su. Za su ce Mushtari faɗaɗa abu yake, ya faɗaɗa maka almubazzaranci, ko ya ƙara maka ƙiba. Wallahi har ƙibar tana cikin littattafansu. Riba tasa ce, asara tasa ce, tumbi ma nasa ne.

Ba na ja da lissafin tafiyar tauraron, masana falaki sun san inda zai kasance shekaru aru-aru masu zuwa. Hukuncin malamai kan duba kuma kowa ya ji shi, ba sai na maimaita ba. Ni da 'yan'uwana marubuta nake. Mu ne ke riƙe da alƙalami, mu ke aiko Alhajin a babi na goma, sannan mu bar mai karatu ta zaci tauraro ne ya aiko shi. Wanda duk zai sake sa wannan a littafinsa, ina so ya fara gaya mana ƙarfe nawa da minti nawa aka haifi jarumar, kuma wa ke riƙe da agogo a ɗakin.