Rahoton Ya Ce Magani Zai Ƙare, Mu Kuma Muka Jira Zaman Kwamiti

A damunar bara na yi aikin sanin makama, wanda muke kira Ayiti, a wani ƙaramin asibiti a unguwarmu ta Na'ibawa, ba nisa da 'Yan Lemo. Tun da ƙididdiga nake karanta, aka tura ni ɗakin ajiyar magani, wurin wani dattijo da kowa ke ce wa Baba Mai Sito. Na zaci zaman kashe lokaci zan yi. Sai ga shi a wannan ɗan ɗaki na ga yadda takarda guda ta faɗi ranar da maganin zazzaɓin cizon sauro zai ƙare, kowa ya karanta, kowa ya gyaɗa kai, kuma maganin ya ƙare a ranar da ta faɗa.

Ra'ayina a taƙaice shi ne: rahoton da ya ce magani zai ƙare kafin ƙarshen wata ba labari ba ne da za a ajiye sai an zauna. Umarni ne, kuma yana da ranar da yake mutuwa. Idan ranar ta wuce, ko an sa hannu daga baya, an yi wa gawa allura ne kawai.

Ga yadda abin ya faru. Kowane magani a sito yana da katinsa. Abin da ya shigo a rubuta, abin da ya fita a rubuta, a cire, a bar saura. Daga waɗannan katunan ake haɗa rahoton wata. Lissafin da aka saba yi mai sauƙi ne: a tara abin da aka bayar a watanni uku da suka wuce, a raba gida uku, a ce wannan shi ne cin wata. Sannan a duba abin da ya rage a kanta, a ga kwana nawa zai kai.

Maganin da nake magana a kai shi ne wanda mutane ke kira Kowatem, ko wane kamfani ne ya yi shi. Na babba ƙwaya 24 ne, ana shan huɗu da safe huɗu da dare har kwana uku, na yara kuma ya danganta da nauyinsu, daga ƙwaya 6 zuwa 18. Don sauƙi zan ƙirga da fakiti, fakiti ɗaya mutum ɗaya. A watan Mayu mun bayar da 180, a Yuni 210, a Yuli 240. Jimla 630, wato 210 a wata, bakwai ke nan a rana. Ranar 10 ga Agusta da yamma kati ya nuna saura 150. Idan ka raba 150 da bakwai za ka sami kwana 21, wato zai kai mu 31 ga wata cif. A takarda dai lafiya lau.

Baba Mai Sito ya kalli lissafina ya yi murmushi. Ya ce, “Ɗana, ka tambayi katin ko kwana nawa muka yi a Yuli ba mu da ko fakiti ɗaya?” Na duba, kwana shida ne. Ashe 240 ɗin nan ba a kwana 31 aka bayar da su ba, a kwana 25 ne, wato kusan goma a rana. Wannan shi ne kuskure na farko da ke ɓoye a irin waɗannan rahotanni. Kati yana rubuta abin da aka bayar ne, ba abin da aka nema ba. Ranar da babu magani kati zai nuna sifili, kamar babu wanda ya yi zazzaɓi a ranar. Idan ba a cire kwanakin nan ba, asibitin da ya yi rashi a watan jiya zai nemi ƙasa da buƙatarsa a wannan watan, ya sake yin rashi, ya sake neman kaɗan. Haka abin zai yi ta cin kansa.

Kuskure na biyu shi ne damuna. Duk ɗan Kano ya san zazzaɓi yana tashi ne daga tsakiyar damuna, ya yi ƙamari daga Agusta zuwa Oktoba, lokacin da kwatoci suka cika, ruwa ya kwanta a kowane lungu. Auna Agusta da ma'aunin Mayu kamar ɗinka wa saurayi riga ne da awon da aka yi masa yana firamare. Da muka ƙirga kwana goman farko na Agusta kaɗai, mun bayar da 120, sha biyu a rana ke nan, ba bakwai ba.

Na uku, Baba ya ce in ajiye biro in ƙirga da hannu. Na ƙirga, na sake ƙirgawa, 138 na samu, ba 150 ba. Sha biyun an ba wani asibitin maƙwabta aro ne makonni biyu baya, an manta ba a rubuta ba. To raba 138 da 12. Kwana goma sha ɗaya da rabi. Muka rubuta a saman rahoton da jan biro cewa maganin zai ƙare ranar 22 ga Agusta, kafin azahar.

Yanzu ga abin da ya fi kowanne muhimmanci, wanda mu ɗaliban lissafi muke yawan mantawa. Tambayar ba “yaushe zai ƙare” ba ce kaɗai, har da “kwana nawa ake ɗauka kafin sabo ya iso”. A wannan asibiti, daga rubuta takardar nema, zuwa sa hannu, zuwa fitar da kuɗi, zuwa isowar kaya, mako biyu ne idan komai ya tafi daidai. Kwana 14 sau 12 ya ba ka 168. Ma'ana duk ranar da kanta ta sauko ƙasa da fakiti 168, an riga an makara. Mu kuwa 138 muke da su. Ko da a daren aka aika, sai 24 ga wata kaya za su zo, an yi kwana biyu babu. Rahoton bai yi gaggawa ba, latti ma ya yi.

Na kai wa shugabar asibitin da kaina. Ta karanta, ta ce, “Ka yi ƙoƙari, ɗana. Sai dai kuɗin asusun magani ba ni kaɗai nake fitar da shi ba, sai kwamiti ya zauna.” Na ce, “Hajiya, zaman sai 18 ga wata.” Ta ce ta sani. Aka zauna ranar 18, aka amince cikin minti biyar, kaya suka iso ranar 1 ga Satumba. Kwana goma kanta na wayam. Idan ka lissafa da sha biyu a rana, mutum wajen 120 aka miƙa wa guntuwar takarda aka ce su je kemis.

Waɗannan mutanen fa ba baƙi ba ne. Da yawansu leburori ne da ke sammako zuwa kamfanonin Sharada da Challawa, ana biyan su a kan ranar da suka yi aiki. Wani ya zo da 'yarsa a kafaɗa, jikinta kamar garwashi, ya riga ya rasa kuɗin yinin. Da na ba shi takardar ya tambaye ni a hankali ko za a iya sayen rabi. A nan ne rashin magani a kanta ke zama wata cutar. Wanda ya sha na kwana ɗaya da rabi zai ji sauƙi, amma ƙwayar cutar ba ta gama mutuwa ba, bayan ɗan lokaci zazzaɓin ya dawo. Kuma a kemis ɗin lungu ba ka da tabbacin abin da ka saya. Don matsalar jabu da rashin kyakkyawar ajiya ne ma hukumomi suka matsa wa dillalan magani na Sabon Gari su koma sabuwar kasuwar Dangwauro da ke kan titin Zariya a 2024, nan gaba da mu kaɗan.

Ban ce Hajiya muguwa ba ce, kuma hujjarta ba ta banza ba ce. Asusun magani mai juyawa, tsarin da ya samo asali daga shirin Bamako na 1987, yana rayuwa ne a kan amana: a sayar da magani da ɗan ƙari, a mayar da kuɗin a sayo wani. Inda aka bar mutum ɗaya yana ciro kuɗi yadda ya so, asusun ba ya kai shekara. Sa hannu uku da zaman kwamiti don tsare shi aka yi su. Akwai kuma tsoron sayen da ya wuce kima. A siton nan na ga katon biyu na wani ruwan magani da ya rage wata biyu ya lalace, kuɗi ne a kwance. Ga tsadar da ta biyo bayan faɗuwar naira tun 2023, kuɗin da ya sayo katon goma jiya ba ya sayo goma yau.

Amma duk wannan ba ya hana abu uku da ba sa buƙatar ƙarin kobo. Na farko, kwamiti ya amince tun farkon shekara da layin haɗari ga kowane magani mai muhimmanci. Da zarar kanta ta taɓa layin, shugaba da ma'aji su aika neman gaggawa a ranar, su kawo wa kwamiti rasidi daga baya. Amana ta tsaru, lokaci bai tafi ba. Na biyu, a yi musaya da maƙwabta a rubuce. Wanda muka ba aron sha biyu yana iya buƙatar ruwan maganin da ke shirin lalacewa a wurinmu. Na uku, a tsaya a kan gwaji. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a gwada jini kafin a ba da wannan magani, domin ba kowane zafin jiki ba ne cizon sauro. Ranar da kayan gwaji suka ƙare, za ka ga maganin yana fita kamar ruwa, don haka katin kayan gwajin ma a sa masa ido tare.

Me ya shafe mu a nan makaranta? Muna biyan kuɗin lafiya a cikin rajista, kuma jarabawa ba ta jiran mai zazzaɓi. Ina ba daraktan walwala na ƙungiyarmu shawara, idan ya je asibitin makaranta, kada ya tsaya a tambayar “akwai magani?” Amsarta kullum “akwai” ce har zuwa ranar da babu. Ya yi tambaya uku cikin ladabi: nawa ke fita a rana a wannan makon, nawa ya rage idan an ƙirga da hannu, kuma kwana nawa sabo ke ɗauka kafin ya iso. Duk wanda ya ci lissafin aji ɗaya zai iya fitar da ranar daga nan. Ɗaliban ƙididdiga da na akanta kuma, wannan aiki ne na sa'a guda a mako, kuma ya fi yawancin furojet ɗin da muke ɗaurewa mu ajiye a laburare amfani.

Ranar da zan bar wurin, Baba Mai Sito ya ba ni kwafin rahoton da jan rubutunmu a sama, 22 ga Agusta. Ya ce in ajiye, don in tuna cewa lissafin ya yi daidai. Ni kuwa idan na duba shi, mutumin nan mai 'ya a kafaɗa nake tunawa, da tambayarsa ko za a iya sayen rabi.