Raddi Ga Mai Cewa A Kori Waƙafi Mai Ruwa Daga Rubutun Hausa

Wani ɗan'uwa marubuci, wanda nake ganin girman alƙalaminsa, ya daɗe yana kiran a jefar da waƙafi mai ruwa, wato ɗigon nan da ke bisa waƙafi (;). A ganinsa aya da waƙafi sun wadatar da Bahaushe. Hujjojinsa huɗu ne, kuma zan bi su ɗaya bayan ɗaya, domin na shafe shekaru ina gyaran rubutun ɗalibai, na ga abin da rashin wannan alama ke jawowa.

Ya ce da farko alamar baƙuwa ce, kayan Turawa. Gaskiya ne, a birnin Venice ta ƙasar Italiya aka fara buga ta da wannan aiki, a maɗaba'ar Aldus Manutius, kusan ƙarshen ƙarni na 15. To amma malam, ayar boko da waƙafinsa da alamar tambaya a wace kasuwa muka saye su? Jirgi ɗaya ya kawo su duka. Larabawa ma sun karɓe ta: Ahmad Zaki Basha na Masar ya fitar da littafinsa kan alamomin rubutu a 1912, kuma har yau marubutansu suna sa ta tsakanin jimloli biyu idan ɗaya ce dalilin ɗaya. Baƙunta ba laifi ba ne, abin tambaya shi ne ko tana da aikin yi.

Na biyu ya ce tsayawa iri biyu ce kawai, gajera da doguwa, babu ta tsakiya. Nan ne na fi mamakinsa, domin ya zauna gaban malaman tajwidi. Malaman waƙafi, kamar yadda Ibnul Jazari ya tsara a Muƙaddimarsa, sun bambanta tammi da kafi da hasan. Tammi shi ne inda magana ta cika, ba ta rataye da ta gabanta ta fuskar lafazi ko ma'ana. Hasan shi ne inda aka sami ma'ana amma lafazi yana nan a ɗaure da abin da ke biye. Kafi kuwa lafazi ya cika, ma'ana ce ba ta saki ba. Ba ina daidaita rubutunmu da karatun Littafi Mai Girma ba ne, Allah Ya tsare. Abin da nake nunawa shi ne kunnen mutanenmu ya san wannan mataki na tsakiya tun kafin boko ya zo. Aya tana tsayawa inda komai ya yanke, waƙafi inda ginin jimla bai ƙare ba, waƙafi mai ruwa kuma inda gini ya ƙare amma zance bai ƙare ba.

Hujjarsa ta uku ita ce mai nauyi, kuma akwai gaskiya a cikinta. Ya ce Hausa tana jera aikatau ne da waƙafi: "Suka tashi, suka ɗaura kaya, suka kama hanya." Na yarda ɗari bisa ɗari. Duk wanda ya sa waƙafi mai ruwa a nan ya ɓata jimla, domin "suka ɗaura kaya" ba ya tsayuwa da ƙafarsa, yana jingine da labarin da ke tafe. Haka "ya ce mu zo, mu zauna, mu ji". Amma ba kowace jimlar Hausa ce jerin labari ba. Ga wata irin takarda da 'yan kasuwa ke aika wa yaransu kullum:

"Ku biya shi, idan ya kawo kaya, ku ba shi rasit."

Yaron shago zai biya yanzu, ko sai kaya sun iso? "Idan ya kawo kaya" yana tsakiya, waƙafi a gabansa, waƙafi a bayansa, yana iya faɗawa kowane ɓangare. Idan maigida yana nufin a biya tun yanzu, sai ya rubuta: "Ku biya shi; idan ya kawo kaya, ku ba shi rasit." Idan kuwa sharaɗin na biya ne: "Ku biya shi idan ya kawo kaya; ku ba shi rasit." Dalilin a fili yake. Idan jimloli biyu suka haɗu, kuma ɗaya tana da waƙafi a cikinta, to mahaɗar tana bukatar alamar da ta fi waƙafi ƙarfi, in ba haka ba mai karatu ba zai gane babbar gaɓa daga ƙarama ba. A baki murya ce ke yin wannan aiki, takarda kuwa ba ta da murya.

Na san abin da zai ce, shi ne hujjarsa ta huɗu: to a sa aya mana. A misalin shagon aya za ta yi, ban musa ba. Amma ga inda ba ta yi. "Ladi ba ta zo biki ba. Mahaifiyarta ba ta da lafiya." Da aya, labarai biyu ne aka ajiye kusa da juna, mai karatu yana iya ɗaukar na biyu a matsayin sabon zance. Da waƙafi mai ruwa, "Ladi ba ta zo biki ba; mahaifiyarta ba ta da lafiya", an gaya masa ya karanta na biyu da hasken na farko. Zai ce a sa "saboda". Ana iya sawa, sai dai "saboda" yanke hukunci ne cewa wannan shi ne dalili, alhali sau da yawa marubuci yana so ya ajiye abu biyu gefe da gefe ne, kamar yadda dattijo ke faɗin rabin magana ya bar maka sauran. Wannan kawaici ɗabi'ar zancenmu ce.

Akwai kuma inda aya ke yin ɓarna ƙarara. "Babban ɗan ya gaji gona; ƙaramin, shago." Aikatau "ya gaji" an faɗe shi sau ɗaya, ɓangare na biyu aro yake yi. Sa aya, ka raba mai aro da mai kaya, "Ƙaramin, shago" ya tsaya tsirara. Sa waƙafi, ka sami "gona, ƙaramin, shago", kamar abu uku babban ɗan ya gada.

Gwajin da nake ba ɗalibai mai sauƙi ne. Ka rufe ɓangare na farko da hannu, ka karanta na biyu. Idan ya fara da "wanda", ko "domin", ko "don ya", bai tsaya da kansa ba, waƙafi ne nasa ko ma ba komai. Idan ya tsaya da kansa, ko kuwa aikatau kawai ya ara kamar na magadan nan, sai ka tambayi kanka: amsa yake ba na farko, ko dalilinsa yake kawowa, ko kishiyantarsa yake yi? In babu ko ɗaya, aya ce. "Ruwa ya ɗauke; ƙanena ya sayi babur" kuskure ne, don babu abin da ya haɗa su. "Ruwa ya ɗauke; gero ya fara naɗe ganye" daidai ne.

Abu ɗaya nake tare da shi a kai ba tare da ja ba: karin magana a bar shi da waƙafinsa yadda aka saba. Gajere ne, da numfashi ɗaya ake faɗinsa, babu inda mai karatu zai ɓace a ciki.