Gidan Sauro Tukuna, Sauran Magunguna Daga Baya

Kowace damina labarin ɗaya ne a ɗakunan kwananmu. Ruwa ya kwanta a lambatu, sauro ya yi sansani, sai zazzaɓin cizon sauro ya bi mu ɗaki ɗaki, har ya kayar da wani ana tsakiyar jarrabawa. Abin mamaki shi ne, da yawanmu muna da gidan sauro a naɗe cikin akwati, amma kuɗinmu na ƙarewa wajen sayen igiyar hayaƙi da fiya-fiya. Ra'ayinmu a nan shi ne mun juya al'amarin, mun mai da mataimaki shugaba.

Dalili kuwa, macen sauron da ke kawo wannan ciwo ta fi cizo cikin dare, lokacin da barci ya kwashe mu. Feshi yana gushewa, igiya tana cinyewa, amma gidan sauro yana nan har asuba.

To, wane iri za mu saya? Mu fara da ramukansa. Ma'aunin da aka sani ga gidan sauro shi ne aƙalla ramuka 156 a murabba'in inci ɗaya. Kada adadin ya ruɗe mu. Mu tafi kasuwa da rular da muke aji da ita, mu aza ta a kan ragar, mu ƙirga. Idan muka sami ramuka 5 a tsawon santimita ɗaya, ya yi. Idan kuwa 3 ne, kuma babu magani a jikinsa, sauro zai wuce abinsa. Wanda ramukansa suka cika ƙanƙanta kuma yana tare iska, zafi ya ishe mu, mu yaye shi da tsakar dare, an yi ba a yi ba ke nan.

Abu na biyu shi ne magani. Gidan sauro maras magani shinge ne kawai. Da hannu ya jingina da raga, sai a cije shi ta waje. Mai magani kuwa yana kashe sauron da ya sauka a kansa, shi ya sa wasu irinsa suke da ramuka masu ɗan faɗi ba tare da illa ba. An yi shi don ya kai kimanin shekara 3, ya kuma jure wanki 20. Sai dai sauron ƙasarmu a wurare da yawa ya saba da tsohon maganin. Saboda haka mu duba jikin leda. Wanda aka rubuta wa PBO yana da ƙarin sinadarin da ke karya wannan juriya, a shekarar 2023 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar amfani da masu magani iri biyu a inda sauro ya yi taurin kai.

Ga misali daga ɗakinmu na mutum huɗu, mai gado sama da ƙasa. Ɗaya daga cikinmu ya sayo sabo mai magani, ya ɓare leda ya shiga a daren, ya wayi gari fuska na zafi, ya rantse ba zai ƙara ba. Alhali kuwa abin da ya kamata shi ne ya shanya shi a inuwa kwana ɗaya cur kafin ya rataya. Wani kuma ya wanke nasa da garin sabulu mai ƙarfi, ya baza a rana, ya rage wa maganin kaifi. Sabulu mai laushi da ruwan sanyi da inuwa, su ne ƙa'ida. Bayan haka a cusa bakinsa ƙarƙashin katifa ta kowane ɓangare, a ɗinke huda tun tana ƙarama.

Sauran magunguna fa? Suna da gurbinsu. Man shafawa mai ɗauke da DEET, kashi 10 zuwa 30 cikin ɗari, yana da amfani lokacin da muke karatun dare a waje. A shafa shi a fatar da ke buɗe, ban da ido da baki da rauni, a kuma wanke hannu kafin cin abinci. Idan feshi za a yi, a rufe abinci, kowa ya fita, a buɗe taga iska ta ratsa kafin a dawo. Igiyar hayaƙi ba ta dace da rufaffen ɗaki ba, balle inda akwai mai asma, kuma garwashinta kusa da raga ko katifa gobara yake nema. Fiya-fiya kuwa gubar ƙwarin gona ce, ba ta da wurin zama inda ɗan Adam ke numfashi.

Jama'a, araha ba ta ado. Kafin mu sake miƙa kuɗin igiya, mu buɗe akwati mu fito da abin da muka naɗe, mu ƙirga ramukansa, mu rataya shi yau. Allah ya sa mu ga ƙarshen zango lafiya.