Kafin mu ɗauki yaron aiki, mu fara rubuta aikin

Da yawa daga cikinmu ba rubutun littafi kaɗai ke riƙe mu ba. Akwai masu buga wa wasu rubutu a kwamfuta, akwai masu gyara ƙa'idojin rubutu, akwai masu tsara shafuka kafin a kai maɗaba'a. Sana'a ce ta mutum ɗaya: shi ke karɓar aiki, shi ke yi, shi ke bin kuɗi, shi ke ba da haƙuri idan an makara. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi, shagon ma ya kwanta.

Idan aiki ya yi yawa, abin da ke fara zuwa mana shi ne mu nemo wanda zai taya mu. Mu a ganinmu wannan mataki na biyu ne. Na farko shi ne mu zauna mu rubuta yadda ake yin aikin, dalla-dalla, ta yadda wanda bai taɓa zama da mu ba zai karanta ya yi. Wanda ya ɗauki mataimaki alhali aikin yana cikin kansa kaɗai, ya ƙara wa kansa aiki biyu ne: amsa tambaya duk bayan minti goma, da sake gyara abin da aka ɓata.

Bari mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi har ƙarshe. A ce marubuciya ta kawo labarin da ta rubuta da hannu, kalmomi kusan 40,000, tana son a mayar da shi littafi. A ce kuma mai aikin yana buga kalma 1,000 a awa, tunda karanta rubutun hannun wani yana cin lokaci. Bugawa kaɗai awa 40 ke nan. Kwatanta abin da aka buga da takardun asali, don a gano layin da aka tsallake, awa 10. Gyaran ƙa'idojin rubutu awa 8, tace ma'ana da zubin jimloli awa 12, tsara shafuka awa 6, waya da saƙonni da mai littafi awa 4. Jimilla awa 80. Wanda ke aikin awa 40 a mako, littafi biyu zai fitar a wata, ko da mutum goma ne ke layi. Kowa ya sa nasa alƙaluman, amma sai ya auna su da agogo, don aikin da muke jin ya fi cin lokaci ba lallai shi ne ba.

Yanzu mu raba ayyukan nan gida biyu. Akwai wanda doka ke tafiyar da shi, akwai wanda sai da hukunci. Bugawa da kwatantawa doka ce: abin da ke takarda shi zai hau kwamfuta, ba ragi ba ƙari. Amma yanke cewa wannan sakin layin ya yi tsawo, ko maganar da aka sa a bakin tsohuwar nan ba ta yi kama da ta tsohuwa ba, wannan hukunci ne, kuma shi ne dalilin da ya sa ake tsallake wasu a zo wurinmu. Na farkon ake miƙawa, na biyun a riƙe. A misalinmu an miƙa awa 50, saura 30. Mu ƙara awa 5 na duba aikin mataimaki, ya zama 35. Littafi huɗu ke nan a wata maimakon biyu, har da ragowar lokaci. Sai dai a lura, littafi huɗu na nufin awa 200 na bugawa da kwatantawa, wanda ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Masu bugawa biyu ake bukata, kuma da zarar sun zama biyu, in babu rubutacciyar doka, babi na ɗaya da na biyu za su fito kamar ba littafi ɗaya ba.

To me ake rubutawa a takardar? Ba nasiha ba. "A kula da ƙa'idojin rubutu" ba umarni ba ne, domin kowa yana ganin yana kula. Umarni shi ne wanda za a iya dubawa a ce an bi ko ba a bi ba. A rubuta cewa "shi ne" da "ita ce" da "ya ce" a rabe suke. A rubuta bambancin "a kan tebur" da "akan yi haka", kowanne da jimlar misali. A rubuta cewa idan mai littafi ɗan Najeriya ne ana rubuta 'ya'ya, idan kuma na Nijar ne a tambaya, domin a can ana amfani da harafin ƴ. A rubuta abin da za a yi idan kalma ba ta karantu ba: kada a yi cinke, a sa alamar tambaya uku a wurin, a rubuta lambar shafin asali. Wannan doka ɗaya tana hana mai bugawa ya zama marubuci na biyu ba da izini ba.

Haruffa masu lanƙwasa su ma suna son nasu sashe. Wasu tsofaffin nau'o'in haruffan Hausa suna aron gurbin wata alama ne su nuna ƙ ko ɗ, shi ya sa idan aka buɗe aikin a wata kwamfutar da ba ta da su sai a ga baka da sanduna a tsakiyar kalma. Takardarmu ta hana amfani da su, ta ba da lambobin haruffan na gaskiya. A Word ana rubuta lambar sannan a danna Alt+X:

```
ɓ U+0253   ɗ U+0257   ƙ U+0199
Ɓ U+0181   Ɗ U+018A   Ƙ U+0198
```

Da yake wannan yana da jinkiri, ranar farko a shiga Insert, sannan Symbol, a ba kowane harafi maɓallinsa na gajeriyar hanya, iri ɗaya a duk kwamfutocin. Haka nan Word yakan juya alamar da ke farkon 'yan ta koma buɗe zance, don haka a rubuta cewa a danna Ctrl+Z nan take ta miƙe. Sunan fayil ma doka ne, don kada a wayi gari da "na ƙarshe" guda huɗu:

```
SunanLittafi_Babi03_bugu1.docx
```

Duk wannan bai kamata ya wuce shafi biyu ga kowane aiki ba. Abin da ya kai shafi goma ba mai karanta shi. Kuma lokacin rubuta shi shi ne lokacin da muke cikin yin aikin, takarda a gefe, duk abin da hannu ya yi a rubuta. Idan muka bari sai dare muka rubuta daga ka, matakan da muka fi sabawa da su su ne za su faɗi, domin mun daina ganinsu.

Yadda ake gane takarda ta yi kuwa, a ba sabon mutum ita da shafi biyar na rubutun hannu, a bar shi, kada a ce masa uffan. Duk inda ya tsaya ya yi tambaya, rami ne a takardar, a cike shi. Mu marubuta mun san wannan daga wani wurin: mai karatu ba ya tare da mu lokacin da yake karanta littafinmu, ba mu da damar leƙowa mu ce ga abin da muke nufi. Takardar aiki ita ma haka take, sai dai ita sakamakonta a take yake fitowa.

Bayan an miƙa aiki, sai dubawa. Idan za mu sake karanta kowane layi, ba mu rage komai ba. A makon farko a duba duka. Daga nan a riƙa zaɓar shafi uku cikin kowane ashirin, ba tare da mai bugawa ya san waɗanne ba. Idan kuskure ya wuce adadin da aka amince, a ce biyar a shafi, babin duka ya koma masa. Nan ne yawancinmu ke karaya, mu ce gyarawa da kanmu ya fi sauri. Gaskiya ne a yau, amma gobe kuskuren zai dawo, tunda wanda ya yi shi bai gan shi ba. Kowane kuskure a yi masa tambaya ɗaya: takarda ta faɗa ko ba ta faɗa ba? In ta faɗa, a nuna masa layin. In ba ta faɗa ba, laifin takarda ne, a ƙara layi, kada a yi wa yaro faɗa. Biyan kuɗi kuma ya zama bisa yawan kalmomin da suka tsallake dubawa, ba bisa shafi ba, domin shafi yana ƙaruwa da ƙara girman harafi.

Mun san abin da wasu za su ce: idan na rubuta komai, yaron zai koya ya tafi ya buɗe nasa. Zai iya tafiya, kuma ko ba a rubuta ba zai tafi, haka sana'a ta gada, tela ma yaransa suna yayewa. Bambancin shi ne, mai takarda zai horar da wani cikin kwanaki, marar takarda kuwa ya koma farko. Abin da ke cikin takardar ma ba shi ne sirrin ba. Kunnen da ke jin jimla ta karkace, da amanar da marubuta suka ba mu, ba a kwafe su.

Amma akwai iyakoki na gaske. Watan farko aiki zai ragu ne, ba ƙaruwa ba, saboda lokacin koyarwa da dubawa, don haka kada a fara a lokacin da aka yi alƙawura masu matsi. Kada kuma a ɗauki mutum na albashi saboda wata ɗaya da aiki ya yi yawa, a fara da biyan aiki-aiki har a ga layin ya ɗore. Sannan rubutun da ba a buga ba amana ce, kuma duk mun san yadda labari ke yawo a waya kafin mai shi ya sani. A sanar da mai littafi cewa akwai masu taya mu, a ba kowane mai bugawa babobin da zai yi kaɗai, cikakken littafin ya zauna a hannu ɗaya. Idan kuskure ya fita, mu za mu amsa, ba za mu ce wa mai littafi yaro ne ya yi ba, domin da mu ta yi ciniki.

Aikin wannan makon ke nan: kowa ya zaɓi aiki ɗaya da yake maimaitawa, ya rubuta shi cikin shafi ɗaya, ya ba wani ya gwada, ya ƙirga tambayoyin da aka yi masa. Mu zo da adadin mako mai zuwa in Allah ya kai mu.